Daga tudu ake auna kwalbati

Duk daminar da ruwa ya tsallake titi ya shiga shagunan mutane, magana ɗaya ake ji: kwalbatin ya yi ƙanƙanta. Sau da yawa gaskiya ne. Amma a tambayi masu maganar girman da ya kamata a yi, sai kowa ya faɗi nasa, wani ya dubi faɗin titi, wani ya dubi kuɗin da ke hannu. Alhali titi ba shi da ta cewa a nan. Mai yanke hukunci shi ne filin da ke sama da titin, wato duk ƙasar da idan an yi ruwa take gangaro da shi zuwa bakin kwalbatin. Akwai hanyar lissafa wannan ruwa, kuma ta daɗe: wani injiniya ɗan ƙasar Ayalan, Thomas Mulvaney, ya bayyana tushenta a 1851, Emil Kuichling kuma ya gwada ta a magudanan birnin Rochester na Amurka a 1889. Har yau da ita injiniyoyin hanya suke aiki a ƙananan wurare.

Mu ɗauki misalin wata unguwa a gefen birnin Kano, wadda sabon titi zai tare mata gangare. Aikin farko na ƙafa ne. Injiniya zai duba taswira mai nuna tudu da kwari, sannan ya zaga da kansa ya gano ƙashin bayan tudun, inda ruwa yake rabuwa, wani ya nufo titi wani ya ba shi baya. Taswira kaɗai ba ta isa a cikin gari, domin katanga ɗaya ko tsohuwar kwata tana iya karkato ruwan wani layi gaba ɗaya zuwa inda ba a zata ba. A ce an zaga an samu hekta 12.

Abu na biyu, ba duk ruwan da ya sauka ne yake gangarowa ba. Jigawa tana shanye yawancinsa, kwanon rufi da kwalta kuwa ba sa shan komai. Don haka kowane irin wuri akwai kason da ake ba shi. A unguwar tamu hekta 6 gidaje ne masu rufin kwano da tsakar gida ta siminti, kason su 0.8, wato kashi takwas cikin goma na ruwan yana fitowa waje. Hekta 2 kwalta ce, 0.9. Sauran hekta 4 fili ne mai rairayi, 0.3. Idan aka ninka kowane kaso da faɗinsa, aka tara, aka raba da 12, za a samu 0.65.

Abu na uku shi ne ƙarfin ruwan sama, kuma a nan aka fi yin kuskure. Jimlar ruwan shekara ba ta da amfani ga mai kwalbati. Malkar Agusta da ke wuni tana yayyafi ba ta cika kwata kamar hadarin da zai juye ruwansa cikin rabin awa. Abin da ake nema shi ne milimita nawa yake sauka a awa lokacin da ya fi tsananta, kuma na tsawon minti nawa. Tsawon da ake zaɓa shi ne lokacin da ɗigon da ya faɗi a can ƙarshen filin zai ɗauka kafin ya iso bakin kwalbati, domin sai a lokacin ne duk filin yake zubo ruwansa tare. A misalinmu, ruwa yana cin kamar minti 10 daga tsakar gidan ƙarshe zuwa kwatar layi, sannan ya yi tafiyar mita 600 a cikin kwata yana cin mita ɗaya a daƙiƙa, wasu minti 10 ke nan. Jimla minti 20.

Daga nan sai a koma ga bayanan ruwan sama na shekaru masu yawa, irin waɗanda hukumar NiMet take tarawa a tashoshinta, a nemi ƙarfin ruwan minti 20 wanda akan samu sau ɗaya a shekara goma. Kada wannan magana ta ruɗi kowa. Ba ana nufin idan an yi shi bana an huta sai bayan shekara goma ba. A kowace damina akwai yiwuwar ɗaya cikin goma ya zo, kuma yana iya zuwa bana ya maimaita baɗi. Kwalbatin babbar hanya akan ɗaga masa zuwa shekara 25 ko fiye. Don misali, mu ce an samu milimita 90 a awa.

Lissafin shi ne:

```
Q = C × I × A / 360
```

C kason nan ne, I ƙarfin ruwa da milimita a awa, A faɗin fili da hekta. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita dubu goma ce, don haka milimita 90 a awa lita 250 ce kowace daƙiƙa. A hekta 12 ya zama lita 3,000, kuma kason 0.65 ya bar mana lita 1,950. Kusan duro goma ke nan na lita 200, ana juye su a bakin kwalbati a kowace daƙiƙa.

Yanzu ake maganar bututu. Na siminti mai faɗin milimita 600, wanda ’yan kwangila suka fi so saboda arha, idan ruwa ya kai daidai saman bakinsa, abin da yake haɗiya bai wuce kamar lita 400 a daƙiƙa ba. Mai milimita 900 yana ɗaukar kimanin lita dubu. Ke nan biyu daga cikinsa za su ɗauki ruwan unguwar da ƙyar, ba tare da rarar komai ba. Ni a nan kwalbati mai kusurwa huɗu zan zaɓa, faɗi mita ɗaya da rabi, tsayi mita 1.2. Yana wuce da ruwan kuma ya bar sarari a sama, sannan mutum yana iya shiga da shebur ya kwashe yashi da leda. Bututun da rabinsa ya cike da yashi, duk lissafin da aka yi masa ya tashi a banza. Shi ya sa ake ba shi gangaren da ruwa zai riƙa wanke shi da kansa, a kuma jera duwatsu ko a zuba kankare a mafitarsa don kada ruwan ya ƙwaƙule ƙasa ya ci gindin titi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda lissafin da yake daidai yau yake zama kuskure gobe. Wannan fili na hekta 12, lokacin da yake gonakin gero, kasonsa bai wuce 0.25 ba, kuma ruwa yana jinkiri tsakanin kunyoyi, a ce minti 40, inda ƙarfin ruwan zai sauko zuwa kamar milimita 60. Lita 500 ke nan a daƙiƙa. Da aka yanka filaye aka gina, ruwan ya ninka kusan sau huɗu, alhali sama ba ta ƙara ko ɗigo ba. Don haka wanda zai auna kwalbati a bakin gari, inda har yanzu ake ganin karan dawa, ya yi lissafinsa da gidajen da za su tsaya a wurin nan gaba.

Hanyar tana da iyaka. Tana ɗauka cewa ruwa yana sauka da ƙarfi ɗaya a duk faɗin filin, abin da yake yiwuwa a unguwa amma ba ya yiwuwa a rafin da ya taso daga nisan kilomitoci masu yawa. Gadar irin wannan rafi wani lissafin take buƙata. Ko a ƙaramin wuri ma, kafin a zuba kankare, a gwada amsar takarda da abin da ƙasa take nunawa. A dubi layin laka a jikin katangu, da ciyawa da ledar da suka maƙale a rassan itatuwa, a tambayi dattawan wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa. Idan takarda ta ce ruwa zai tsaya a gwiwa, katanga kuma ta nuna ƙugu, to ko an bar wani layi a wajen zagayen filin, ko an raina kason, sai a koma tudu a sake zagawa.