BABI NA UKU: DALILIN DA YA SA BA A IYA NINKA KIYUB DA RULA DA KAMFAS

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a kawo hujjar da ke nuna cewa ba zai yiwu a ninka kiyub da rula da kamfas kaɗai ba. Kiyub shi ne surar nan mai fuska shida, kowace fuska murabba'i, kamar ƙwayar ludo. Matsalar ta samo asali ne daga Girkawan dauri. An ruwaito cewa annoba ta afka wa mutanen tsibirin Delos, aka ce da su su ninka girman bagaden Apollo, wanda yake da siffar kiyub. Masana sun shafe fiye da shekara dubu biyu suna neman zanen, har sai a 1837 da Pierre Wantzel, ɗan ƙasar Faransa, ya tabbatar da cewa babu shi.

3.1 Abin da Ake Nema

Idan tsawon gefen kiyub 1 ne, girman cikinsa 1 ne. Kiyub ɗin da ya ninka shi zai kasance mai gefe x, inda x³ = 2, wato x = ∛2. Ninka gefen ba ya biyan buƙata, domin gefe 2 yana ba da girma 8. Saboda haka tambayar ita ce: in an ba da layi mai tsawon 1, shin za a iya zana mai tsawon ∛2?

Sharuɗɗan su ne, rular ba ta da alamar awo, aikinta jan layi tsakanin ɗigo biyu. Kamfas kuwa da'ira yake zanawa. Sabon ɗigo ba ya samuwa sai a mahaɗar waɗannan zane-zane, kuma dole aikin ya ƙare bayan matakai ƙidayayyu.

3.2 Fili da Darajarsa

A nan, fili yana nufin tarin lambobi waɗanda in an tara su, ko an ɗebe, ko an ninka, ko an raba (ban da rabawa da sifiri), amsar ba ta fita daga cikinsu. Filin da ake farawa da shi shi ne Q, wato duk lambobin da ake iya rubutawa a matsayin p/q, inda p da q cikakkun lambobi ne.

Lambar √2 ba ta cikin Q. In aka shigar da ita, sai a sami babban fili Q(√2), wanda kowace lamba a cikinsa ke da siffar a + b√2. Ke nan da ginshiƙai biyu, 1 da √2, ake gina kowace lamba a wannan fili. Yawan ginshiƙan nan shi ake kira darajar faɗaɗawa, ana rubuta ta [Q(√2) : Q] = 2.

In aka ƙara √3, kowace lamba za ta zama u + v√3, inda u da v suke cikin Q(√2). Da aka warware su, ginshiƙan sun zama huɗu: 1, √2, √3 da √6. Wato 2 × 2. Wannan misali ne na dokar hawa-hawa, wadda ta ce in fili K yana cikin L, shi kuma L yana cikin M, to:

[M : K] = [M : L] × [L : K]

A kan wannan doka hujjar baki ɗaya ta dogara.

3.3 Iyakar Rula da Kamfas

A ɗauka cewa duk ɗigogin da aka riga aka samu, lambobin matsayinsu (x, y) suna cikin fili F. Hanyoyin samun sabon ɗigo uku ne.

Ta farko, layi ya haɗu da layi. Warware lissafinsu ba ya buƙatar komai sai tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, don haka amsar tana cikin F.

Ta biyu, layi ya haɗu da da'ira. Misali, da'irar x² + y² = 1 da layin y = x. In aka sa x a gurbin y, sai a sami 2x² = 1, wato x = √2/2 ko kuma −√2/2. An fita daga Q, amma da tushen murabba'i guda kawai, daraja 2 ke nan.

Ta uku, da'ira ta haɗu da da'ira. In aka ɗebe lissafin ɗaya daga na ɗaya, x² da y² za su ɓace, a bar lissafin layi. Ke nan an koma hanya ta biyu.

Don haka kowane mataki ko dai ya bar filin yadda yake, ko ya ninka darajarsa sau 2. Bisa dokar hawa-hawa, duk tsawon da aka zana yana cikin wani fili M mai daraja 2ⁿ a kan Q, wato 1, 2, 4, 8, 16, har gaba.

3.4 Darajar ∛2

Darajar filin Q(∛2) daidai take da ƙarfin lissafi mafi ƙanƙanta, mai lambobin Q, wanda ∛2 ke warwarewa. An san tana warware x³ − 2 = 0. Saura a nuna cewa x³ − 2 ba ya rabuwa zuwa ƙananan sassa. Da zai rabu, dole ɗaya daga cikin sassan ya zama mai ƙarfi 1, wanda zai ba da amsa p/q a cikin Q.

A ɗauka akwai irin wannan p/q, an kuma rage ta har ba wata lambar da ke raba p da q tare. Sai p³ = 2q³, wanda ke nuna 2 na raba p. In aka rubuta p = 2r, za a sami 8r³ = 2q³, wato q³ = 4r³, ke nan 2 na raba q ma. Wannan ya saɓa wa abin da aka ɗauka. Saboda haka x³ − 2 ba ya rabuwa, darajar 3 ce, ginshiƙanta su ne 1, ∛2 da ∛4.

3.5 Haɗa Hujjar

A ce an zana ∛2. To tana cikin wani fili M mai daraja 2ⁿ, kuma Q(∛2) yana tsakanin Q da M. Dokar hawa-hawa ta ba da:

2ⁿ = [M : Q(∛2)] × 3

Wannan na nufin 3 tana raba 2ⁿ. Amma 2ⁿ ba ta ƙunshi komai ba sai 2 ana ninkawa, 3 ba ta raba ta ko da nawa n ta kai. Ke nan zanen ba ya yiwuwa.

3.6 Kura-kuran da Akan Yi

Wasu kan ɗauka cewa rashin kasancewar ∛2 cikin Q shi ne dalili. Ba haka ba ne, domin √2 ma ba ta cikin Q, amma ita ce tsawon layin da ya ratsa murabba'i mai gefe 1 daga kusurwa zuwa kusurwa. Shi ya sa ninka murabba'i ke da sauƙi. Bambancin yana ga daraja, 2 da 3.

Wasu kuma kan kawo zanen da awo ke nuna kamar ya yi daidai. Tsawon 1.26 ana iya zana shi, kuma 1.26³ = 2.000376, kusancin da ido ba zai bambance ba, amma ba 2 ba ne. In an ga irin wannan zane, a lissafa tsawon da aljabara: muddin tushen murabba'i ne kawai a ciki, ba ∛2 ba ne.

Haka nan hujjar ba ta hana wasu kayan aiki ba. Menaechmus ya samu tsawon ta mahaɗar lanƙwasassun layukan da ake samu daga yanka mazugi, kuma rula mai alamomi biyu tana fitar da shi.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa rula da kamfas ba sa kai wa ga wani fili sai mai daraja 2ⁿ, alhali ∛2 tana buƙatar darajar da 3 ke rabawa. A babi na gaba za a yi amfani da wannan hanya wajen nuna dalilin da ya sa ba a iya raba kusurwa mai digiri 60 gida uku daidai.