Me Ya Sa Kwamfuta Ke Ƙirga Tutar Najeriya A Matsayin Haruffa Huɗu?

Duk wanda ya taɓa cike gurbin rubutu a wata manhaja ya ga an ce ya zarce adadin haruffa alhali bai kai ba, ko ya ga saƙo ya yanke da baƙar alamar tambaya � a ƙarshe, to ya ci karo da wata tsohuwar matsala. Abin da ido ke gani harafi ɗaya, ba lalle ne kwamfuta ta ƙirga shi ɗaya ba.

Tsarin Unicode ya bai wa kowane harafi lambarsa ta dindindin. Harafin ƙ na Hausa yana da U+0199, imojin dariya 😂 kuma yana da U+1F602. Sai dai harshen JavaScript, wanda shafukan intanet ke aiki da shi, ba lambobin nan yake ƙirgawa ba. Yana kallon rubutu ne a matsayin jerin gurabe bisa tsarin UTF-16, kowane gurbi na da bit 16, wato yana iya ɗaukar ɗaya daga cikin lambobi 65,536 kacal. Umarnin `length` waɗannan guraben yake ƙirgawa.

Lokacin da aka ƙirƙiri JavaScript a 1995, ana ganin gurbi ɗaya ya ishi kowane harafi. Daga baya Unicode ya faɗaɗa, kuma galibin imoji suka faɗa sama da wannan iyaka. Mafitar ita ce a raba babbar lamba gida biyu, a zuba ta cikin gurabe biyu da ke tafiya tare kamar tagwaye. Imojin 😂 yana zama D83D da DE02, kuma babu ɗayansu da ke da ma'ana shi kaɗai.

```js
"ƙ".length   // 1
"😂".length  // 2
"🇳🇬".length  // 4
```

Tuta ta fi rikitarwa. Unicode bai ware wa tutar Najeriya lamba guda ba. Ana haɗa ta ne da alamomin ƙasa biyu, ta N (U+1F1F3) da ta G (U+1F1EC), sai waya ta zana su a matsayin tuta. Kowace alama na cin gurbi biyu, jimilla huɗu ke nan. Tutar Nijar ma da wannan N ɗin take farawa, sai E ta biyo baya.

A nan ɓarnar take faruwa. A ɗauka wata manhaja tana taƙaita saƙon “Zaɓe🇳🇬” da umarnin `slice`. Kalmar Zaɓe ta ci gurbi huɗu, tutar ta ci huɗu, duka takwas. Idan aka yanke a gurbi na shida, alamar N kaɗai za ta rage, mai karatu ba zai san ko Najeriya ake nufi ko Nijar ba. Idan kuwa aka yanke a na biyar, an raba tagwaye, rabin da ya rage ba harafi ba ne. Da zarar an mayar da rubutun zuwa UTF-8 domin turawa, yawanci ana maye gurbinsa da �. Ganin wannan alama a daidai inda rubutu ya yanke babbar shaida ce cewa an yi yankan ne da lissafin gurbi.

Tun daga sigar JavaScript ta 2015 akwai hanyar bin rubutu lamba bayan lamba. Zagayen `for...of` da alamar `...` suna gane tagwaye, suna ɗaukar su tare:

```js
[..."😂"].length;   // 1
[..."🇳🇬"].length   // 2
```

Wannan ya magance raba tagwaye, amma bai gama aiki ba, domin tutar har yanzu biyu ce. Haka ma imojin hannu mai launin fata, wanda lambar hannu ce haɗe da lambar launi. Harshen Python 3 lambobi yake ƙirgawa, saboda haka `len` ma biyu zai ba tutar. Mai son ƙirga abin da ido ke gani sai ya koma ga `Intl.Segmenter`:

```js
[...new Intl.Segmenter().segment("🇳🇬")].length  // 1
```

Saboda haka tsawon rubutu yana da amsa uku: gurabe, lambobi, da abin da ke bayyana a allo. Wajen tantance haruffa ɗaya bayan ɗaya, lambobi ake bi. Wajen yanke kanun labari ko nuna wa mutum haruffan da suka rage masa, abin da ido ke gani ya kamata a ƙirga. Kafin a amince da kowace manhaja, gwaji mafi sauƙi shi ne a sanya tuta a daidai bakin iyakar haruffa, a ga abin da zai fito.