Ta Ina Ƙura Take Shiga Kwamfutarka?

Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar teburi bayan hunturu ya san abin da zai tarar: ƙura ta yi kauri a kan katin hoto, ta toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, har fukafukan fankoki sun koma ruwan ƙasa. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, akwatin yana da ragar tace ƙura a gaba, kuma idan aka zare ta sai a ga ba ta yi wani datti ba. To ta ina ƙurar ta bi? Amsar tana cikin lissafin iskar da ke shiga da wadda ke fita, kuma gudun fankoki ne ke yanke wannan lissafi fiye da yawansu.

Fankokin da ke jikin akwati aiki biyu suke yi. Wasu suna zuƙo iskar ɗaki zuwa ciki, wasu suna fitar da wadda ta ɗau zafi. Idan masu shigarwa suka fi ƙarfi, iska tana yin yawa a ciki, rarar sai ta riƙa tsiyaya waje ta kowace ƙofa: ramukan baya, tsagar murfi, gefen soket. Wannan shi ne matsin turawa. Idan kuma masu fitarwa ne suka rinjaya, akwatin yana neman cike giɓin, sai ya riƙa zuƙar iska ta waɗancan ramuka ɗin dai, waɗanda babu raga a kansu. Wannan shi ne matsin zuƙowa. Bambancin matsin kansa ɗan ƙanƙani ne ƙwarai, domin akwatin kwamfuta ba rufaffen gwangwani ba ne, amma ya isa ya zaɓar wa iska hanya, ƙura kuwa duk inda iska ta bi nan take bi.

Matsin zuƙowa yana da ranarsa. Yana kwashe zafi da sauri, kuma wani lokaci katin hoto yakan samu sanyi kaɗan daga iskar da ke kutsowa ta ramukan da ke kusa da shi. A ƙasar da iska take da tsabta, ana iya zama da shi lafiya lau. Amma a Kano ko Maraɗi, inda hazo yake rufe gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ni dai ban ga dalilin da zai sa a zaɓe shi ba. Abin da ya dace da mu shi ne matsin turawa ɗan kaɗan, yadda kusan duk iskar da za ta shiga sai ta ratsa raga tukuna. Na ce kaɗan ne domin idan aka wuce gona da iri, aka cika shigarwa babu mafita isasshiya, iska mai zafi tana ta kewayawa a ciki.

Wajen ɗaura fankoki, tsarin da ya fi sauƙi har yanzu shi ya fi aiki: gaba da ƙasa su shigar, baya da sama su fitar. Kafin ka ɗaure kusa, duba fuskar fankar. Ɓangaren da ke da sandunan roba masu riƙe da injin tsakiya, ta nan iska take fita. Fankoki da yawa suna kuma da ƙananan kibiyoyi biyu a gefe, ɗaya tana nuna inda fukafukai ke juyawa, ɗaya tana nuna inda iska ta nufa. Akwai wasu fankokin ado da aka ƙera da fukafukai a juye, don haka ka gaskata kibiya idan akwai.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne saman akwati. Mutum ya ga gurbi biyu ko uku a sama, sai ya cike su duka da masu fitarwa, yana ganin ya yi gwaninta. Amma fankar saman da ke kusa da gaba tana zaune ne daidai bisa inda iska mai sanyi ta shigo yanzu-yanzu, sai ta fizge ta waje kafin ta kai ga furosesa. Ga ƙarin ƙara, ga ƙarin zuƙowa, ga asarar sanyi. Idan mai sanyaya furosesarka irin dogon nan ne mai fanka a jiki, fanka guda a saman baya ta wadatar, wani lokaci ma ta bayan kaɗai ta isa.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Ga akwati mai fankoki shida iri ɗaya, masu faɗin milimita 120: uku a gaba bayan raga, ɗaya a baya, biyu a sama. A jikin kwalinsu an rubuta 60 CFM a juyi 1500 cikin minti, wato ma'aunin yawan iskar da fanka take turawa idan babu abin da ya tare ta. Yawan iskar yana tafiya ne kusan kafaɗa da kafaɗa da gudu: rabin gudu, rabin iska. Mai kwamfutar ya ƙirga uku da uku, ya ce an yi daidai. Sai dai fankokin gaba suna fama da raga da murfin gaba, na baya da na sama kuwa kusan hanya a buɗe take musu. Mu ƙaddara cewa raga ta cinye kashi ɗaya cikin uku na iskar gaba, domin abin ya danganta da irin ragar da yawan dattin da ta tara.

Yanzu ga inda matsalar ta ɓuya. Fankokin gaba suna bin ma'aunin zafin madabod, wanda da wuya ya motsa sosai, don haka kullum suna kan juyi 800. Kowace tana ba da 32, uku sun ba da 96, bayan raga saura 64. Masu fitarwa kuwa an haɗa su da zafin furosesa. Idan ana ɗan rubutu ko kallon bidiyo suna juyi 500, kowace 20, jimla 60. A wannan hali akwai ɗan turawa, komai lafiya. Da zarar an fara haɗa bidiyon biki ko an kunna wasa mai nauyi, sai su haura juyi 1400, kowace 56, jimla 168. Shigarwa tana nan a 64. Sauran ɗari da ɗoriya dole su fito daga wani wuri, kuma ta ramukan baya marasa raga za su shigo. Kwamfutar da ake zaton daidaitacciya ce ta koma injin zuƙar ƙura a daidai lokacin da take shaƙar iska mafi yawa.

Gyaran wannan yana cikin layin gudun fanka, wato zanen da ke faɗa wa fanka irin gudun da za ta yi a kowane mataki na zafi. Ana samun sa a BIOS, ta danna Del ko F2 lokacin da kwamfuta take tashi. A madabod ɗin ASUS sunansa Q-Fan Control, a Gigabyte Smart Fan, a MSI yana cikin Hardware Monitor. Za ka ga zafi a gefe ɗaya na zanen, gudu cikin kashi ɗari a ɗaya gefen, da ɗigo-ɗigo da ake ja sama ko ƙasa. Kowace mahaɗar fanka, CPU_FAN ko SYS_FAN ko CHA_FAN, tana da nata layin.

Kafin ka ja ɗigo ko ɗaya, dubi filogin fankar. Mai rami huɗu ana saita ta a PWM, mai rami uku a DC. Idan aka saka mai uku a PWM, yawanci sai ta yi ta gudu da dukkan ƙarfinta ba ta jin umarni. Ita kuma DC rage mata wuta ake yi daga bolt 12 zuwa ƙasa, idan aka rage da yawa sai ta tsaya cak, don haka ka tabbatar tana juyawa a mataki mafi ƙasa da ka ba ta.

A misalinmu, da farko a cire fankar saman gaba, masu fitarwa su zama biyu. Sannan a sa dukkan fankokin akwati su bi ma'aunin zafi guda, don su hau tare su sauka tare. Na gaba su fara daga juyi 700 su kai 1300 a aiki mai nauyi, masu fitarwa su fara daga 500 su tsaya a 1000. Idan ana hutawa, 56 ke shiga bayan raga, 40 ke fita. A tsakiyar aiki, 104 ke shiga, 80 ke fita. Ko'ina a kan layin shigarwa ce take gaba, kuma ƙara ta ragu tunda babu fankar da ke kai wa 1400.

Siffar layin ma tana buƙatar a yi ta da zafin ɗakinmu a zuciya. Fanka ba ta iya sanyaya komai ƙasa da iskar da take zuƙowa. A watan Afrilu, ɗakin da ba shi da na'urar sanyi yana iya kai digiri 35 ko fiye, furosesa kuma ko ba ta aikin komai za ta zauna a wajen 50. Layin da ya fara hawa tun daga 40 zai sa fankoki su yi ta ihu a banza. Gara a shimfiɗa shi a kwance har zuwa 55, ya hau sannu a hankali zuwa 75, daga 85 kuma a saki gudu duka. Furosesa irin Ryzen 7000 an ƙera ta ne ta iya aiki har digiri 95, don haka ganin 78 lokacin aiki ba abin tayar da hankali ba ne.

Akwai kuma fankar da ke tashi ta kwanta, ta tashi ta kwanta, abin da ya fi ƙara mai ɗorewa cin rai. Dalili shi ne zafin furosesa yana iya tsalle da digiri goma cikin daƙiƙa guda don kawai an buɗe shafi, sannan ya sauko. Nemi wurin jinkiri, wanda ake rubuta wa Step Up da Step Down, ka ba shi mafi tsawon lokacin da aka yarda, domin fanka ta jira ta ga ko zafin na gaske ne. Mai yawan yin wasa kuma ya sani cewa katin hoto ne yake zuba zafi mafi yawa a akwatinsa, kuma BIOS yawanci ba ya ganin zafin katin. Manhajar kyauta mai suna Fan Control, ta Windows, tana iya sa fankokin akwati su bi duk wanda ya fi zafi tsakanin katin da furosesa.

Duk wannan lissafi kimantawa ne, gwaji ne zai tabbatar. Kunna turaren tsinke, ka kashe fankar ɗaki, ka riƙe shi kusa da ramukan bayan akwati da ke ƙasa da fankar baya, ba tare da toka ta faɗa ciki ba. Idan hayaƙin ya kauce daga akwatin, kana da turawa. Idan ya lanƙwasa ya shige ciki, zuƙowa ce. Yi gwajin sau biyu, ɗaya kwamfuta tana hutawa, ɗaya tana tsakiyar aiki mai nauyi, domin kamar yadda misalin ya nuna, amsar farko ba ta tabbatar da ta biyu. Fankokin katin hoto suna iya rikita hayaƙi a dab da katin, don haka ka gwada rami fiye da ɗaya.

Matsin turawa yana rage ƙura ne, ba ya kawar da ita, kuma yana ɗora nauyin duka a kan ragar gaba. Yayin da take toshewa shigarwa tana raguwa, har akwatin ya koma zuƙowa ba tare da ka taɓa komai ba. A lokacin hunturu ka zare ta duk mako biyu ka kakkaɓe, idan ka wanke ta ka bari ta bushe sarai kafin ka mayar. Ka kuma ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur ko benci, musamman idan akwai fanka mai zuƙowa a ƙarƙashinsa.