Burodi Nawa Za a Sayar Kafin Kuɗin Haya Ya Fita?

Mai shago ba ruwansa da ko an kunna tanda ko ba a kunna ba, idan shekara ta zagayo kuɗinsa zai karɓa. Fulawa kuwa gwargwadon gashi ake cinta. Mai gidan burodin da ya iya raba waɗannan kuɗaɗe biyu zai san adadin da zai sayar ya tashi ba riba ba faɗuwa.

Mu ƙaddara wani gidan burodi a Kano yana biyan haya naira 1,200,000 a shekara, wato 100,000 a wata, ga albashin ma'aikata 200,000. Ke nan 300,000 na jiransa duk wata ko da bai gasa komai ba. A ce buhun fulawa mai kilo 50 naira 60,000 ne, yana fitar da burodi 100. Kowane burodi ya ci fulawar 600. Sukari, yis, bota, leda da makamashi su ci 200, ya zama 800. Idan ana ba 'yan sari a 1,000, rarar kowane guda 200 ce.

Wannan 200 ba riba ba ce tukuna, da ita ake tara haya da albashi. A raba 300,000 da 200, a samu 1,500. Burodin da dole a sayar a wata ke nan, wato 60 kullum idan kwana 25 ake aiki. Daga na 1,501 riba ke farawa.

To, mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita, don haka da dala ta motsa sai buhu ya motsa. A ce ya koma 66,000, ƙarin kashi 10 cikin ɗari kacal. Fulawar burodi ɗaya ta zama 660, rara ta sauko 140. Yanzu sai an sayar da 2,143 a wata, kusan 86 a rana: ƙarin sama da kashi 40 cikin ɗari! Dalili shi ne, duk ƙarin daga cikin 'yar rarar nan yake fita. Idan buhu ya kai 80,000 ba a taɓa farashi ba, rarar ta ƙare, ko dubu goma aka sayar haya ba za ta fito ba.

Shi ya sa burodi ke ƙanƙancewa a hannun mai shayi. Idan aka rage awon kwaɓin har buhun 66,000 ya fitar da 110, fulawar kowanne ta dawo 600. Dabara ce, amma masu saye ba makafi ba ne.

Inda lissafin ya fi rushewa shi ne a ƙirga abin da aka gasa maimakon abin da aka karɓi kuɗinsa. Burodi ɗaya da ya ƙone ko ya yi kwantai aka dawo da shi asarar 800 ce, sai an sayar da huɗu a rarar 200 kafin a cike gurbinsa.