Ko Kun Sani?

Baromita, na'urar auna nauyin iska, da aka rataye a wani gida a Nassarawa GRA kan sauka kowace rana ko babu hadari. A Kano allurarta kan kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe, sannan ta sauka da kimanin hPa 3 zuwa 4 kafin la'asar. Zafin rana ne ke jawo haka. Saboda haka, a gwada awon yau da na jiya a daidai lokaci guda. In jiya da la'asar ta nuna 956, yau kuma 952, wannan saukar ce abin lura. In kuwa da damina ta yi tsalle sama farat ɗaya, iska mai sanyi ta taso daga gabas, to a kwashe shanya, hadari ya iso.