Shirin Musamman: Ladan Aiki Daga Waje, Nawa Ke Isowa Damargu?

Shirinmu na yau yana magana ne a kan matasan da ke yi wa mutanen ƙasashen waje aiki ta intanet, kamar fassara tsakanin Faransanci da Hausa ko zanen talla, a biya su ta dandalin biyan kuɗi. Ra'ayina shi ne, duk mai irin wannan sana'a ya daina yin ciniki da adadin da yake gani a allon waya. Ya fara lissafi daga sefar da za ta shiga hannunsa, ita ce ladansa na gaskiya.

Mu ɗauki misali. Mai fassara a Belbeji ya karɓi aikin dalar Amurka 200 a dandalin Fiverr. Mu ƙaddara dala ɗaya tana kan sefa 570 a ranar, wato aikin ya kai jaka 114. Fiverr na cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin mai aiki, saboda haka saura dala 160, kimanin jaka 91. Ragowar ma ba ta fita nan take, domin dandalin kan riƙe ta kwana 14 bayan an kammala aikin. Daga nan sai canji. Mu ce kamfanin da ya turo kuɗin ya rage kashi 2 cikin 100 a farashin canji, bankin da ya karɓa a Damagaram ya cire jaka 5, sannan aikowa zuwa Belbeji ta kamfanin aika kuɗi na cikin gida ta ci kusan jaka 1. Abin da ya iso hannu bai wuce jaka 83 da rabi ba. Fiye da rubu'in kuɗin ya zube a hanya. Waɗannan na ƙarshe alkaluman misali ne, kowa ya tambayi nasa bankin, amma hanyar lissafin ba ta canzawa. Mai son jaka 100 a hannu, a wannan misali, sai ya nemi dala 240.

A cikin waɗannan ragi, na canji ya fi wuyar ganewa, domin ba a rubuta shi a matsayin kuɗin hidima, cikin farashi ake cusa shi. A nan ne mutumin Nijar yake da gatan da maƙwabcinsa na Kano ba shi da shi. Tun watan Janairun 1999 sefa take ɗaure da yuro a kan farashi guda: yuro 1 daidai yake da sefa 655,957, wato sefa 656 saura kaɗan. Yuro 100 ya kamata ya ba da kusan jaka 65 da sefa ɗari shida, kuma duk abin da ya gaza haka wani ne ya ci, ana iya tambayar ko wane ne. Dala kuwa hawa da sauka take, kuma cikin kwana 14 na jira tana iya faɗuwa. Don haka idan mai ba da aiki yana Turai, a yi ciniki da yuro. Idan dala ce tilas, a raba sefar da ta iso da adadin dalar da aka turo, a gwada da farashin da babban bankin BCEAO ya fitar a ranar.

Wani zai ce ai sai a bar dandalin, a yi hulɗa da mai aikin kai tsaye, a tsira da kashi 20 ɗin. Amsar ita ce dandalin ne ya kawo mai aikin, kuma shi ke karɓar kuɗin ya ajiye kafin a fara aiki. Wanda ya fita daga inuwarsa da baƙon da bai sani ba, idan aka hana shi haƙƙinsa ba shi da inda zai kai ƙara, kuma dokar dandalin ta hana hakan, har ana iya rufe masa asusu. Wani kuma zai ce a ari asusun ɗan'uwa a Kano. Wannan canji biyu ke nan, dala zuwa naira, naira zuwa sefa, kowanne da nasa ragin. Sannan sunan da bai dace da na katin shaida ba yana cikin abubuwan da ke sa a daskarar da kuɗi har sai an yi bincike.

Shawarata ga matasan Damargu ita ce ku buɗe asusu da sunanku kamar yadda yake a katinku, ku tara ladan ayyuka da yawa ku fitar a karo ɗaya, domin jaka 5 na banki ta fi ciwo a kan jaka 20 fiye da a kan jaka 200. Kada kuma ku ci bashi a kan kuɗin da ke riƙe. Ku yi lissafi kafin ku faɗi farashi.