Saurin baki da shiru a darasin da ake saurara bayan isha'i

Wanda ya buɗe darasi a wayarsa da ƙarfe tara na dare ya riga ya wuni a shago ko ofis, ya sha cunkoson hanya, ga yara ba su yi barci ba. Malamai da yawa masu naɗar darasi, saboda tausayinsa, sai su riƙa jan magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. Niyyar mai kyau ce, amma barci take sa shi.

A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa biyu sun bi diddigin kallo kusan miliyan 6.9 na bidiyoyin darussan dandalin edX. Sun ga cewa ɗalibai sukan fara barin bidiyo idan ya wuce kimanin minti shida, kuma malaman da ke magana da ɗan sauri da kuzari sun fi riƙe masu kallo. Da Turanci aka yi darussan, don haka kada mu ɗauki ma'aunin saurinsu mu ɗora wa Hausa. Abin ɗauka shi ne mai gajiya ba ya bukatar a ja masa kowace kalma. Yana bukatar a yi masa magana yadda aka saba hira, sannan a yi shiru daidai inda kansa zai yi aiki.

Mu ɗauki darasin lissafin riba ga mai ƙaramin shago. An sayi buhu naira 40,000, an sayar 46,000, ana neman ribar kashi nawa ce cikin ɗari. Sallama da faɗin abin da za a koya kada su wuce jimla biyu ko uku. Doguwar gaisuwa tana da muhallinta, amma a nan minti take ci. Labarin saye da sayarwa a ba da shi da saurin hira, domin mai sauraro ya san kasuwa, wataƙila ma ya fi malamin saninta.

Da an iso kan lambobi sai a rage gudu. A faɗi kuɗin saye, a dakata. A faɗi na sayarwa, a dakata. Nan ma akwai tarko: “dubu arba'in da shida” kunne zai iya jinta 46,000, zai iya jinta 40,006. Malam ya sa lambar a allon bidiyo a daidai lokacin da yake furta ta, in kuwa murya ce kawai ya ce “dubu arba'in da dubu shida”. Sai ya tambaya, ribar nawa ke nan, ya yi shiru kamar daƙiƙa huɗu kafin ya ce 6,000. Ga mai naɗa shi kaɗai a ɗaki, daƙiƙa huɗu tana da tsawo ƙwarai, shi ya sa da yawa suke yanke ta wajen tacewa. Ni a ganina wannan yankan ya fi kowane kuskure ɓarna, domin a cikin shirun ne ɗalibi yake lissafi da kansa.

Mataki mai wuya shi ne raba 6,000 da 40,000 a ninka da ɗari a sami kashi 15. A nan mutane kan raba da kuɗin sayarwa su sami kusan kashi 13. Malam ya faɗi wannan kuskuren tun kafin a yi shi, ya danna murya a kan “kuɗin saye”, ya maimaita sau ɗaya. In lissafin zai ɗauki lokaci, ya ce a tsayar da bidiyon a gwada da biro. Darasin ya ƙare nan. Lissafin asara ya jira wani bidiyon.

Hanyar aikawa ma tana shafar sauri. A YouTube ɗalibi zai iya ƙara gudu ko ya rage. Saƙon murya na WhatsApp kuwa `1.5x` da `2x` kawai yake bayarwa, ba ya raguwa. Wanda zai tura darasi ta nan dole ya saka dakatawarsa cikin naɗin.

Sai batun murya. Mai sauraron nan magidanci ne ko uwar 'ya'ya, muryar malamin firamare da yawan “kun gane ko?” takan sa ya ji an raina shi. Muryar karanta labaran rediyo kuma tana daidaita komai, ba a gane jimlar da ta fi muhimmanci. Richard Mayer, masanin koyo ta hoto da sauti, ya nuna cewa salon hira ya fi salon karanta takarda taimaka wa mai koyo. Da Hausa “ku” na girmamawa da “mu duba tare” sun wadatar.

Kafin a tura, malam ya saurari naɗin da dare ta lasifikar waya, biro a hannu, yana rubuta lambobin kamar ɗalibi. Inda ya kasa rubutawa kafin muryar ta wuce, shiru ya yi kaɗan. Inda hannunsa ya nufi maɓallin ƙara gudu, an ja magana. Ya kuma lura da ƙarshen jimloli, domin a nan murya kan faɗi, ƙarar janareta ko fanka ta haɗiye ta, kuma sau da yawa amsar lissafin a nan take.